Fiffike ko Farfela: Lissafin Auna Gonakin Kura daga Sama

Tun da aka kammala Dam ɗin Tiga a 1974, ruwansa ke bin kanal yana shayar da dubban hektoci a Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Gonakin ƙanana ne, kuma rabon gado da haya suna yawan sauya iyakokinsu. Shi ya sa taswira ta gaskiya take da daraja a nan: da ita ake sanin faɗin gonar kowa, da inda ƙasa da kachala suka toshe hanyar ruwa.

A ɗauka an ba wani mai aikin safiyo kwangilar auna hekta 1,000 kafin a saki ruwan noman rani. Jirage marasa matuƙi iri biyu ne a gabansa: mai farfela huɗu, wanda ke tashi tsaye kamar jirgi mai saukar ungulu, da mai fiffike, wanda sai ya yi gudu yake tsayuwa a iska.

Lissafin yana farawa daga kyamara. Irin wadda aka saba amfani da ita, idan tana sama da mita 120, tana ɗaukar fili mai faɗin kimanin mita 180. Amma kafin manhaja ta iya ɗinke hotunan su zama taswira ɗaya, dole kowane layi ya hau kan na kusa da shi da kamar kashi 70 cikin 100. Saboda haka tazarar layi da layi mita 54 ce kacal. Idan aka raba hekta 1,000 da wannan tazara, jirgin zai yi tafiyar kusan kilomita 185.

Mai farfela yana yin mita 10 a daƙiƙa, batirinsa kuma yana ba da aikin kamar minti 20, wato kilomita 12. Zai tashi ya sauka sau 16, kuma duk batirin da ya sauko da zafi sai ya huce kafin a sa shi caji a janareta. Mai fiffike yana yin mita 16 a daƙiƙa har tsawon awa guda, kusan kilomita 58. Ko da an haɗa da kwanar da yake yi a ƙarshen kowane layi, tashi huɗu ya isa.

Dalilin bambancin a jikin jirgin yake. Mai farfela yana ƙona yawancin ƙarfinsa ne wajen riƙe kansa kada ya faɗo. Shi kuwa mai fiffike iskar da ke ratsa fiffikensa ce ke ɗauke da shi, injinsa tura shi gaba kawai yake yi, kamar yadda shirwa ke shawagi ba tare da kaɗa fiffike ba. Ribar ba ta tsaya ga lokaci ba. Hotunan da aka ɗauka cikin kwana ɗaya ko biyu haskensu ya fi daidaituwa, ba kamar waɗanda aka tattara cikin mako ba, wata gonar a bushe, wata an riga an ba ta ruwa.

Sai dai mai fiffike yana da sharuɗɗa. Yawancinsu da ciki suke sauka, don haka suna buƙatar doguwar shimfiɗa marar shinge, ana fuskantar iska. A Kura kuwa ƙasa duk kunyoyi ce da magudanai. Wanda bai nemo filin makaranta ko busasshiyar gona tun kafin ya tashi ba, yana iya tsintar kyamararsa cikin taɓo.

Na biyu, ba ya iya rage gudu sosai. Idan hazon hunturu ya rage haske har kyamara ta buɗe ido na 1/500 na daƙiƙa, jirgin ya matsa santimita 3 kafin ta rufe, daidai da mafi ƙanƙantar abin da hoton ke iya bambancewa. Alamar ita ce gefen kanal ya fito da dishi-dishi. Maganin shi ne a jira rana ta ɗaga, a gaggauta kyamarar zuwa 1/1000. Na uku, yana saurin ɓacewa daga ganin mai sarrafa shi, kuma wannan tashi yana buƙatar izini na musamman daga hukumar kula da sufurin jiragen sama.

A ƙarshe mai safiyon zai ɗauki mai fiffike domin faɗin gonakin, amma ba zai bar mai farfela a gida ba. Idan taswira ta nuna tsagewa a jikin wata ƙofar ruwa a Bunkure, wanda zai iya tsayawa cak a kanta ya duba shi za a tura.