Takarda biyu, tukunya ɗaya

Mu biyu ne maza a gidanmu na Dayi, wa da ƙani, dukanmu kuma muna da takardar shaidar malanta. Tun da Allah ya yi wa Baba rasuwa tukunyarmu ɗaya, gonarmu ɗaya, kuma duk abin da ɗaya ya samo a gaban Inna yake ajiye shi. Shekara uku muna neman aiki ba mu samu ba, muna rufa wa kanmu asiri da ƙwadago: noma da girbi a gonakin mutane, dakon buhu ranar kasuwa, wani lokaci kwaɓa siminti. Sai ga shi a watan Satumba na 2024 ƙofa biyu sun buɗe wa babbanmu cikin mako guda.

Ta farko takardar ɗaukar aikin koyarwa ce na dindindin, a wata firamare ta ƙauye. Abin da zai riƙa shiga hannu bayan cire-cire kusan naira 68,000 ne a wata. Ta biyu wani kamfanin sayen hatsi ne a Funtua yake neman malamin sikeli, kwantiragin wata shida daga Oktoba zuwa Maris, naira 120,000 a wata. Ƙofa ta uku kuwa dama a buɗe take, wato mu ci gaba da ƙwadagonmu, naira 3,500 a wuni, kuɗi hannu kafin magariba.

Da a ce gida lafiya lau yake da ba mu daɗe muna tunani ba. To amma akwai bashin takin zamani naira 180,000 da muka yi alkawarin biya a Nuwamba, akwai maganin hawan jinin Inna da ba ya jira, ga ƙannenmu mata biyu a sakandare. Hatsi muna da shi a rumbu, amma cefane da magani da hidimar makaranta suna cin naira 60,000 kowane wata. A majalisarmu ta bakin mararraba, inda hanyar Gwarzo ta haɗu da ta Malumfashi, kowa ya ba mu shawara. Wasu suka ce wa zai bar dubu ɗari da ashirin ya kama sittin da takwas? Wasu suka ce aikin gwamnati ko ba yawa rijiya ce.

Kawunmu, wanda ya yi ritaya daga koyarwa, bai zaɓa mana ba. Cewa ya yi: "Ku ɗauko littafi. Kada ku rubuta abin da aka ce za a ba ku, ku rubuta abin da zai iso gaban uwarku a shekara." Daren nan muka zauna da fitila muka yi lissafi.

Aikin dindindin wata goma sha biyu yake biya, har da lokacin hutu. Wannan ya ba mu naira 816,000. Sai dai makarantar ba a cikin gari take ba. Kuɗin acaɓa zuwa da dawowa naira 1,000 ne a rana, tun da man fetur ya yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafi a Mayun 2023. Kwana ashirin a wata, wata tara na karatu, ya kama 180,000. Abin da zai rage 636,000 ne, wato 53,000 a kowane wata.

Kwantiragin wata shida ya kama 720,000. Mun yi sa'a muna da gwaggo a Funtua, ba sai an kama haya ba, amma abincin rana da kuɗin motar zuwa gida da ɗan abin da za a riƙa sa wa gwaggo a cefane za su ci 25,000 a wata. Saura 570,000. Kuskuren da mutane suke yi shi ne su raba wannan kuɗi gida shida. Ciki ba ya hutu a sauran wata shidan, don haka gida goma sha biyu za a raba shi, sai ya koma 47,500.

Ƙwadago ne ya fi ba mu mamaki. Ƙaraminmu yana da ɗabi'ar rubuta duk ranar da ya fita aiki a bayan wani tsohon littafin darasi. Da muka ƙirga, kwana 150 ya samu a shekarar da ta wuce, mafi yawa lokacin noman farko da maimai da girbi. Daga Fabrairu zuwa Afrilu akwai makon da bai ɗaga ko tsinke ba. Kwana 150 a kan 3,500 ya ba mu 525,000, ƙasa kaɗan da 44,000 a wata. Kuma a ciki akwai kwana tara da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi ana tsakar maimai, babu wanda ya biya shi ko sisi.

Gaskiya ɗaya muka gani da ba mu so gani ba. Wanda ya yi kwantiragi yana dawowa gida a Afrilu, kuma idan ya samu ko kwana sittin na ƙwadagon damina, 210,000 ke nan a kan 570,000 ɗinsa. A shekarar farko, kwantiragi haɗe da ƙwadago ya fi aikin dindindin kuɗi. Masu cewa a tafi Funtua ba shirme suke yi ba.

Abin da ya juya mu tambaya ce da Kawu ya ƙara: "To shekara ta biyu fa?" Kamfanin bai yi alkawarin sake kira ba, domin sayen hatsi ya danganta da kaka da farashi. Mun kuma ga abin da ya faru da yayyenmu na shirin N-Power da aka fara a 2016: suna karɓar naira 30,000 a wata, wasu har sun yi aure a kai, da aka sallami rukunin farko a 2020 suka dawo inda suka fito. Aikin wa'adi ba laifi ba ne, laifin shi ne mutum ya ɗora masa nauyin da ya fi wa'adinsa tsawo. Takardar dindindin kuwa ba ta jiran kowa. In ba ka je ka kama aiki ba, wani za a ba gurbin, kuma ba kowace shekara ake ɗiba ba. Sannan malamin firamare yakan tashi da azahar, yana da yammacinsa da Asabar da Lahadi, dogon hutu kuma yana faɗowa cikin damina. Gonarmu ba za ta rasa shi ba.

Sai dai akwai rami a gaban wannan ƙofa, kuma duk wanda ya taɓa kama irin aikin ya gargaɗe mu: albashin farko ba ya zuwa a ƙarshen watan farko. Sai an tantance takardu, an sa sunanka a jerin masu albashi. Muka ƙaddara wata huɗu babu ko kwabo. Hidimar gida ta wata huɗu 240,000, kuɗin acaɓa 80,000, bashin taki 180,000. Rabin miliyan cif muke bukata kafin mu ga albashi. Nan ne talaka yake rasa aiki mai kyau, ba don bai san darajarsa ba, sai don ba shi da abin da zai ci kafin ya nuna.

Ƙaraminmu ne ya ce: "Yaya, ai ba dole mutum ɗaya ya shiga ƙofa biyu ba. Ka kama koyarwa, ni ka kai ni Funtua." Muka je tare. Manajan ya gwada shi da lissafin buhu da kilo, ya yarda zai ɗauke shi, amma a matsayin mataimaki, a kan 90,000. Bayan hidimarsa zai riƙa turo 65,000, wata huɗu ya kama 260,000. Muka sayar da buhu uku na masara a kan 60,000 kowanne, muka biya bashin taki, duk da mun san farashin kaka ne mafi karyewa. Ragon da muke turke don Babbar Sallah ya tafi a kan 120,000. Jimla 560,000. Ramin ya cike, da ɗan rara.

Ba mu so mu ce komai ya tafi yadda muka tsara, domin bai tafi ba. Albashi bai zo a wata na huɗu ba, sai a ƙarshen na biyar, kuma ariyas ɗin bai fito gaba ɗaya ba. Rarar ta ƙare, muka ranci 40,000 wurin Kawu, babbanmu kuma ya yi mako uku yana zuwa makaranta a kan aron keke. A Funtua ma sayen hatsi ya tsaya da wuri, aka sallami ƙaraminmu a ƙarshen Fabrairu da sanarwar mako ɗaya. Da muka koma ga takardar da ya sa wa hannu, sai muka tarar an rubuta cewa aikin zai iya ƙarewa da ƙarewar saye. Mun karanta adadin kuɗin sau goma, wannan layin ko sau ɗaya ba mu tsaya a kansa ba. Naira 90,000 da muka riga muka yi wa wuri ta bi iska.

Daga baya muka san cewa Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su cika. Ta kuma ƙayyade mafi ƙarancin sanarwar sallama: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba. Ke nan ta fuskar sanarwa ba a zalunce mu ba, mu ne ba mu yi tambaya ba. Yanzu duk ƙanen da ya kawo mana takardar kwantiragi, abu uku muke sa shi ya nema kafin ya dubi albashi: ranar ƙarewa, abin da zai iya kawo ƙarshen aikin kafin ranar, da kuma ranar da ake biya a wata.

Yau albashin babbanmu shi ke riƙe da maganin Inna da cefane. Bai kai ya yi mana komai ba, kuma tazararsa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ba ta taka kara ta karya ba, amma mun san ranar zuwansa. Saboda haka mai shagon magani yake ba mu bashi ba tare da ya ɗaure fuska ba, abin da bai taɓa yi ba muna 'yan ƙwadago. Ƙaraminmu ya dawo gona, yana fita ƙwadago idan aikinmu ya yi sauƙi, kuma auren da ya so yi bana ya koma baɗi. Inna ba ta ce komai a kan ragon ba, sai ranar Sallah da maƙwabta suka aiko mana da nama ta ce: "Allah ya sa na baɗi namu ne za mu aika."

Kaka ta sake matsowa, an ce kamfanin zai ɗibi mutane. Mun riga mun ɗauko littafin. Wannan karon wata biyar za mu rubuta, ko da sun ce shida.