Kan Burtu a Bayan Gilashi

A ƙasarmu ta Moriki, da ma Zurmi da Shinkafi, wanda ya tashi kusa da maharba ya san burtu iri biyu: tsuntsun nan baƙi mai takawa a ƙasa, da kuma kan burtu na itace da maharbi ke ɗaurawa a goshi. Na biyun ya kai gidajen tarihi na Turai da Amurka, inda akan kafa shi a kan sanda, a jera shi cikin abubuwan rufe fuska na Afirka. Tun daga wannan suna aka kauce hanya, domin burtu bai rufe fuskar kowa ba.

Ana sassaƙa wuya da kai, a lulluɓe da fata, wani lokaci a haɗa da bakin tsuntsun na gaske. Amma wannan shi ne mafi ƙanƙantar aikin. Sai maharbi ya yafa baƙin tufafi, ya durƙusa cikin ciyawa, ya riƙa sunkuyar da kai yana ɗagowa kamar mai tsintar fara, kafin burtu ya tabbata. Namun dawa sun saba da tsuntsun, ba su gudunsa. A haka ake matsowa har a kai inda kibiya za ta isa. Idan wuyan maharbi ya yi garaje, ko ya manta da inda iska ke kaɗawa, barewa ta tafi. Mai kallo ta bayan gilashi yana auna santsin sassaƙa, alhali alƙalin wannan aiki barewa ce.

Da burtu nake fahimtar abin da ya sami dodannin bukukuwa. Ɗauki Gelede na Yarabawan Ketu, wanda hukumar UNESCO ta karrama a 2001. Shi ma a bisa kai ake ɗora shi, mayafi ne ke ɓoye fuskar mai rawa. Maza ke sa shi don girmama iyaye mata da neman yardarsu, galibi su fito bibbiyu, da kacau-kacau a ƙafa suna amsa ganga. A gidan tarihi sai ka tarar da guda ɗaya, ba zane, ba ɗan'uwansa, an daidaita shi da idon baƙo. Baƙon zai yaba natsuwar fuskar, ya ɗauka ita ce saƙon, bai san an sassaƙa ta ne don ta zauna shiru a bisa jikin da ke girgiza ba.

Ba na ƙin ajiya. Ba don ita ba, da gara ta cinye da yawa. Damuwata ita ce gidan tarihi yana ɗaukar abin da ke shiga akwati ne kawai. A yau rashin tsaro ya raba maharbanmu da dazukan Zurmi, tsofaffin da suka iya takun burtu suna ƙarewa, samari kuwa ba su da dajin da za su koya.