Yadda ake gane jabun katin Magic: shari'ar Underground Sea

A shekarar 1993 kamfanin Wizards of the Coast na Amurka ya fito da wasan kati mai suna Magic: The Gathering, wanda masanin lissafi Richard Garfield ya ƙirƙira. Ba a jima ba wasu katunan suka zama kayan ajiya, musamman bayan 1996 da kamfanin ya fitar da jerin waɗanda ya yi alkawarin ba zai sake bugawa ba. A cikin jerin akwai Underground Sea, wanda bugunsa na 1994 mai suna Revised yake kai ɗaruruwan daloli. 'Yar takarda ce mai faɗin milimita 63 da tsawon 88, amma tunda ba za a ƙara buga ta ba, kuma masu nema ba su ragu ba, masu jabu sun same ta da daɗin kwaikwayo.

Gogaggen mai saye yakan fara neman abin kwatance kafin ya taɓa katin da aka kawo masa. Yakan samo wani kati mai araha daga bugun Revised ɗin, wanda babu mai ɓata lokacinsa ya yi jabunsa, ya ajiye kusa. An buga su duka a maɗaba'ar Carta Mundi ta ƙasar Beljiyam, a kan takarda iri ɗaya, don haka duk wani bambancin da ya bayyana tsakaninsu abin tambaya ne.

Hannu ne ke fara ba da labari. Katin asali takarda biyu ce aka haɗa da gam mai launin shuɗi a tsakiya, nauyinsa kuma yana tsakanin giram 1.7 da 1.8. Idan an ɗan lanƙwasa shi kaɗan yakan koma daidai nan take, fuskarsa kuma ba ta cika ƙyalli ba. Jabu sau da yawa yana da santsi kamar an shafa masa kakin zuma, ko ya yi sheƙi irin na katin karta. Sai dai hannu shaida ne mai rauni. Katin da ya yi shekara talatin ana cuɗa shi ya yi laushi, wanda aka killace kuwa yana nan da ƙarfinsa, kuma dukansu na gaske ne. Akwai tsohon gwajin da ake naɗe kati har gefensa biyu su haɗu, wai na asali ba zai karye ba. Wannan gwaji ya fi ɓarna a kan amfani, domin yana raunana kati mai tsada, kuma jabun zamani da yawa suna tsallake shi.

Inda shari'ar take da gaske shi ne ƙarƙashin ɗan gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, mai ninka abu sau talatin zuwa sittin. Dalilin yana cikin yadda ake bugu. Injin ofset ba ya zuba launi a shimfiɗe. Yana jera ƙananan ɗigo na launuka huɗu, wato shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi, kowanne daga farantinsa kuma a karkace daban. Inda ɗigon suka haɗu sai su yi da'irori ƙanana masu kama da furanni, a jere cikin tsari. A zanen Underground Sea na gaske furannin suna fitowa tsaf, kamar na katin kwatancen. Jabun da aka yi da firintar gida ba shi da furanni sam, sai yayyafin ɗigo barkatai.

Mai jabu babba yana amfani da injin ofset shi ma, saboda haka ganin furanni kaɗai bai isa ba. Abin da ba shi da shi shi ne farantan asali. Katin da aka riga aka buga yake ɗauka hoto, sannan ya sake rarraba hoton zuwa ɗigo, kuma a nan yake barin sawu. A katin gaske, baƙin rubutu da baƙaƙen layuka an buga su ne da tawada cikakkiya, suna zaune a kan furannin, gefensu a yanke kamar da reza. A kwafi kuwa, baƙin ya shiga cikin hoton, sai a ga haruffan da kansu ɗigo ne suka haɗa su, gefensu na da gashi-gashi, wani lokaci da ɗan ja ko shuɗi yana leƙowa. Mai duba Underground Sea zai ɗora gilashin a kan rubutun akwatin ƙasa, harafi ɗaya ya ishe shi.

Bayan katin ma yana da nasa sirrin. A tsakiya akwai ɗigo biyar masu launi, kuma cikin koren, a wajen da ya fi haske, akwai jajayen ɗigo huɗu ƙanana da suka jeru kamar harafin L. Yawancin jabu ba su da su, ko kuma wajen ya cika da jajayen ɗigo da yawa.

Wasu masu jabun sun gane matsalar baƙin rubutu, sai suka koma goge shi daga hoton su sake rubutawa a kwamfuta. Rubutun ya fito tsaf, amma sun buɗe wata ƙofar, domin dole su dace da salon haruffan zamanin. Fasalin katin Magic ya canja a 2003, ya sake canjawa a 2014 lokacin da aka shigo da salon haruffa mai suna Beleren da ɗan tambari mai ƙyalli a ƙasan katunan da ba su da yawa. Kati na 1994 ba shi da ko ɗaya daga ciki. Kuskuren da aka fi samu ƙanana ne: haruffa sun ɗan fi kauri, tazara tsakaninsu ta buɗe, ko layi ya karye a kalmar da ba a nan na asali ya karye ba. A Underground Sea na Revised gefen fari ne, launukan a ɗan koɗe suke, kuma a ƙasa sunan mai zane Rob Alexander ne kawai, babu shekara. Katin da launinsa ya yi kyau fiye da na kwatancen ya cancanci a sake dubansa.

Gwajin haske shi ne mafi sauƙi, shi ya sa aka fi dogara da shi fiye da kima. A ɗaki mai duhu ake kara fitilar waya a bayan katin. Na asali yana barin haske ya ratsa, da ɗan shuɗi-shuɗi saboda gam ɗin tsakiya, har a iya hango zanen ɗaya fuskar. Jabu mai baƙin gam yana tare hasken kusan gaba ɗaya, wanda ba shi da gam mai launi kuma yana haskawa fayau kamar takardar littafi. Amma akwai jabun da ake yi da takarda mai shuɗin tsakiya, kuma katunan Magic na baya-bayan nan da ake bugawa a Amurka da Japan ba sa ratsa haske daidai da tsofaffin na Beljiyam.

Duk da haka akwai wata damfara da fitila ta fi gilashi kamawa. A ƙarshen 1993 an fitar da Collectors' Edition, mai kusurwoyi masu tsini da zanen zinariya a baya, wanda ba a yarda da shi a gasa ba, don haka ya fi araha. Fuskarsa mai baƙin gefe tana kama da ta bugun Beta mai tsadar gaske. Sai mai damfara ya ɓare fuskar, ya manna ta a bayan wani katin gaske mara daraja, ya zagaye kusurwoyin. Furannin na asali ne, baƙin rubutun cikakke ne, harafin L yana nan a koren ɗigon. Ƙarin gam ɗin ne yake tona shi: hasken yakan dushe ko ya fito da tabo-tabo, ma'auni yakan nuna nauyin da ya kauce wa na kwatancen, kuma idan an duba gefen katin da gilashi ana iya ganin layin da aka haɗa takardun biyu.