Ranar da na hana baffa tafiya da yarinya

1/ Hutun ƙarshen shekara da ya wuce na yi aikin sa-kai a wani sansanin yara na sati 2 a unguwarmu. Ni aka ba ƙofa da rajista. Na ɗauka aikin banza ne, sai rana ta 4 na gane ba haka ba ne.

2/ Tsarinmu: duk wanda ya kawo yaro zai cika fom, ya rubuta mutum 2 da ya yarda su ɗauke shi, da hotonsu da lambar wayarsu. Sai a ba shi kati mai lamba, irin lambar da ke rataye a wuyan yaron. Lokacin tashi ka nuna kati, mu duba hoto, ka sa hannu.

3/ Ranar, ƙarfe 1 saura, wani dattijo ya zo ɗaukar wata yarinya 'yar shekara 7. Tana hango shi ta ruga tana "Baffa! Baffa!" Ba kati, sunansa kuma ba ya fom.

4/ Na ce, "Baba, a yi haƙuri, sai na ji daga mahaifiyarta." Ya ce, "Kai yaro, 'yar ƙanena ce fa. Ga uwar, yi magana da ita." Ya miƙo min wayarsa.

5/ Wallahi saura kaɗan in karɓa, don kunya. Amma an ja mana kunne: kada ka yi magana ta wayar wanda ya zo, domin ba ka san muryar wa za ka ji ba. Lambar da ke fom za ka kira, da wayarka.

6/ Na kira. Ta ce ba ta aiko kowa ba. Ashe sun rabu da uban, maganar riƙon yarinyar tana kotu. Na mayar da ita aji wajen malamai mata 2, na kira shugaban sansani ya zauna da baffan. Minti 20 sai ga uwar da katinta.

7/ Ban ce mugu ba ne, wataƙila uban ne ya aiko shi. Amma raba wannan gardama ba aikin mai tsaron ƙofa ba ne. Yaro ya san mutum daban, an ba mutumin izini daban.

8/ Fom ɗinmu ma yana da giɓi: bai tambayi wanda ba a yarda ya ɗauka ba. Washegari muka ƙara wannan layin, muka ce canjin mai ɗauka sai wanda ya cika fom ya sanar tun da safe.

9/ Har yau in na haɗu da baffan a hanya ina gaishe shi, ba ya amsawa. Na haƙura da wannan.