Na ci cinikai 220 cikin 400, amma dala 80 ta tafi

Kawuna ɗan canji ne a Wapa, cikin Fagge, kuma tun ina yaro nake jin tambayar da ake fara yi masa: nawa kake saye, nawa kake sayarwa? Farashi biyu ne kullum, kuma abin da ke tsakaninsu shi ne abincinsa. Na taso da wannan sani, amma da na fara cinikin kuɗaɗen waje ta waya sai na ajiye shi a ƙofa na shiga ba tare da shi ba. Wata uku na yi ina biyan wannan tazara sau ashirin a rana ban taɓa lissafa ta ba.

Salon da na zaɓa shi ne wanda ake kira sikalfin: ka shiga ciniki, ka ɗebi 'yar riba, ka fita cikin minti biyu ko uku. Ina kallon `EUR/USD` a manhajar MetaTrader 5, a kan jadawalin `M1`, inda kowane kyandir yake nuna minti ɗaya. Dalilina biyu ne. Jarina dala 500 ne kacal, ina tsoron barinsa ya daɗe a kasuwa. Sannan cinikin da bai kwana ba, ba a ɗora masa kuɗin kwana, wanda manhajar ke rubutawa `Swap`, ni kuwa ina gudunsa saboda shubuhar ruwa. Na ɗauka tun da na kauce wa wannan, na kauce wa duk wani caji.

Ma'aunin motsi a nan shi ne fif, wato 0.0001 na farashi. Ina shiga da lot 0.1, daidai da yuro 10,000, don haka kowane fif dala ɗaya ne a gare ni. Dokata mai sauƙi ce: in ci fif 5 in fita, in kuwa ta juya min baya da fif 5 in haƙura. A tunanina ciniki ne na raba-daidai, duk wanda ya ci fiye da rabi ya yi riba.

Asusuna na farko irin wanda ake tallatawa da cewa babu kamasho ne. Gaskiya ne, babu layin kamasho. Amma tazarar da ke tsakanin `Bid`, farashin da ake saye daga hannunka, da `Ask`, farashin da ake sayar maka, tana kai fif 1.2 a yawancin lokutan da nake ciniki. Ga yadda ciniki ɗaya yake tafiya. `Bid` yana 1.08500, `Ask` yana 1.08512. Na danna saye, an ba ni a 1.08512. Na sa `Take Profit` a 1.08562, na sa `Stop Loss` a 1.08462, fif biyar sama, fif biyar ƙasa. A ido daidai suke. Sai dai wanda ya saya, da farashin `Bid` ake rufe masa ciniki, shi kuwa `Bid` yana 1.08500 lokacin da na shiga. Kafin in ci, sai ya hau fif 6.2. Kafin in faɗi, fif 3.8 kawai zai sauka.

Wannan shi ne abin da ya fi ɓuya, kuma shi ya sa nake son mai karatu ya tsaya a kansa. Duk cinikin da na ci, dala 5 cif nake gani. Duk wanda na faɗi, dala 5 cif. Babu inda aka rubuta cewa an cire min wani abu. Tazarar ba ta rage ribar ciniki ɗaya ba, yawan cin ta rage. Idan farashi yana yawo ne kawai ba tare da ya karkata ko'ina ba, damar ya fara taɓa 6.2 na sama kafin 3.8 na ƙasa ita ce 38 cikin 100. Ke nan kafin dabarata ta kawo ko sisi, sai ta fara cike giɓin da ke tsakanin 38 da 50. Ni kuwa da na ga ina faɗuwa fiye da yadda nake ci, sai na ɗora laifin a kan dabara. Na canza alamomin da nake bi sau huɗu, na rage barci ina nazarin kyandirori. Jaki na bari ina dukan taiki.

Wani dare, wajen ƙarfe goma agogon Najeriya, na sayar da yuro, sai `Stop Loss` ɗina ya tashi alhali kyandir bai je kusa da shi ba. Na fusata, na gaya wa abokai cewa dillalina farautar mutane yake yi. Ban yi masa adalci ba a wannan. Ƙarfe biyar na yamma agogon New York ne ake juya ranar ciniki, wanda yake ƙarfe goma na dare a nan idan suna lokacin bazara, sha ɗaya idan hunturu ne. A wannan ɗan tsakani masu ciniki kan janye, tazara ta buɗe baki. Kyandirorin MetaTrader da farashin `Bid` ake zana su, wanda ya sayar kuwa da `Ask` ake rufe masa. `Ask` ne ya yi tsalle ya taɓa ni, a wurin da jadawalina ba ya nunawa, domin ban kunna layinsa ba. Irin wannan buɗewa na sake gani ranar Juma'ar da Amurka ke fitar da alƙaluman ayyukan yi na wata, ƙarfe takwas da rabi na safiyarsu, daidai lokacin da muke haramar masallaci.

Da na gane tazara ce, sai na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko ciwo don da hujja na yi shi. Na koma asusun da tazararsa ke kusa da sifili, wajen fif 0.2 da rana, amma ana karɓar kamasho: dala 3.5 a shiga, dala 3.5 a fita, a kan kowane lot guda. A nawa lot 0.1, santi 70 ne kowane ciniki. Na ce santi 70 ai ba kuɗi ba ne. Yawan cina kuwa ya ƙaru nan take, kamar yadda lissafi ya nuna zai ƙaru. Na ji na kama bakin zaren, har na zaunar da ƙanena na koya masa, ya buɗe nasa asusun da kuɗin da ya tara.

A watan na yi ciniki 400, ashirin a rana har kwana ashirin. Na ci 220, na faɗi 180, wato 55 cikin 100. A littafin da nake rubutawa da hannu, riba dala 1,100, asara dala 900, saura dala 200 a aljihuna. Amma asusun yana nuna dala 420. Na buɗe `History` na gangara ƙasa, inda ban saba kai ido ba, sai ga layin `Commission`: dala 280. Fiye da rabin jarina na biya la'ada cikin wata ɗaya. Hasashena ya yi daidai fiye da rabi, dabarar ta ci dala 200 da gaske, amma kuɗin shiga kasuwar ya haɗiye ta ya ƙara da 80 daga uwar kuɗi.

Na kai wa Kawu maganar ina tsammanin zai ce min kasuwar zamani ce, bai san ta ba. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, nawa kake juyawa a rana?" Na ce jarina dala 500 ne. Ya ce, "Ba jari na tambaye ka ba. Abin da ke shiga hannunka ya fita nake nufi." Na lissafa a gabansa: yuro 10,000 sau ashirin, 200,000 a rana, miliyan huɗu a wata. Ya ce, "To a kan miliyan huɗun kake biyan la'ada, ba a kan ɗari biyar ba. Mutumin da zai zo wurina sau ashirin a rana ya saya ya sayar min, ko kasuwa ba ta motsa ba, kafin la'asar na san wanda ya ci."

Lissafin da ya kamata in yi tun ranar farko bai fi layi biyu ba. Da kamashon santi 70, cinikin da na ci dala 4.30 yake bari, wanda na faɗi dala 5.70 yake ɗauka. Don in tashi ba riba ba asara, sai na ci 57 cikin 100:

```
(5 + 0.7) / (5 + 5) = 0.57
```

Ni ina kan 55. Bambancin biyu cikin ɗari ne, kuma shi ne dala 80 ɗin. Da burina fif 50 ne sama da ƙasa, da wannan kamashon dai, 50.7 cikin 100 ta ishe ni. Cajin bai canza ba, santi 70 ne ko fif nawa kake nema. Abin da ya canza shi ne girman abin da kake yankowa a cire shi daga ciki: kashi 14 cikin ɗari na fif 5, amma bai kai kashi ɗaya da rabi na fif 50 ba. Ba ina cewa dogon ciniki riba ce tabbas ba, yana da nasa haɗari, kuma shi ne mai kwana ya jawo `Swap`. Abin da nake cewa shi ne, duk yadda ka gajarta lokaci ka ƙanƙanta buri, haka rabon dillali yake girma a cikin kowace riba, kuma nasa rabon ba ya jiran ka ci.

Akwai alamar da ta isa ta farkar da ni da wuri. Kowane ciniki da na buɗe da jan lamba yake farawa, tun farashi bai motsa ba. Na gan ta sau ɗaruruwa na ɗauke ta kamar ado. Yanzu kafin in amince da kowace dabara, sai na haɗa tazara da kamasho na mayar da su fif, in raba da burina. In ya haura kashi biyar cikin ɗari, ba na taɓawa. Wannan iyaka tawa ce, ni na yanka wa kaina, kuma da ita babu sikalfin na fif 5 da zai wuce a asusu irin nawa. Na kunna layin `Ask`, na daina shiga bayan isha'i, littafina kuma ya sami sabon gurbi na caji kusa da na riba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ƙanena. Ni na nuna masa yawan cin da nake yi ban nuna masa layin kamasho ba, domin ni ma ban duba ba. Na same shi bayan magariba, na ce ya buɗe `History` ɗinsa ya gangara ƙasa. Ciniki 150 ya yi da lot 0.05, kamasho dala 52.50. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce, "Yaya, ai ni na ɗauka hannuna ne ba shi da sa'a." Na ce masa ba hannunsa ba ne, koyarwata ce ta zo da giɓi. Na biya shi kuɗin a ƙarshen wata, daga albashina.