Mai tambayar "nawa?" bai saya ba tukuna

1/ Innata ke matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli a Babban Duhu, ni kuma nake tallata mata a WhatsApp. Akwai watan da mutum 23 suka yi mini magana, 3 kacal suka saya. Ga kaya jibge a ɗaki, ga mai gyaɗa yana jiran kuɗinsa.

2/ Na zauna na sake karanta hirarrakin. Duk wuri ɗaya suke mutuwa:
"Nawa galan?"
"12,000."
"To."
Daga nan shiru.

3/ Laifina ne. Mai tambayar tana Katsina, ni ina ƙauye. Ba ta san kuɗin mota ba, ba ta san ranar da kaya za su iso ba, kuma tana tsoron tura wa baƙo kuɗi. Na ba ta farashi, na bar ta da sauran lissafin.

4/ Yanzu ga amsata: "Sannu Hajiya. Galan mai lita 4 naira 12,000, kuɗin mota zuwa Katsina 1,500. Ranar Alhamis nake ba direba daga Batsari, ya iso da yamma. Ɗaya zan ajiye miki ko biyu?"

5/ Tambayar ƙarshen nan ita ce ke aiki. Da sai in ce "kina so?", a ce "bari in yi shawara". Amma "ɗaya ko biyu" adadi take nema. Na adana saƙon a Quick replies na WhatsApp Business, da na danna / sai ya fito, in canza sunan gari kawai.

6/ Sai matsalar sabis. Mu da aka rufe wa layukan waya a Safana da Batsari a Satumban 2021 mun san zafinta, kuma har yau yakan ɗauke. Kada ka dogara da Away message, ba ya tafiya in wayarka ba ta kan intanet. Na rubuta a bayanin shagona: "Ina amsa saƙo bayan Azahar da bayan Isha'i."

7/ In ta ce biyu, sai in nemi rabin kuɗi kafin alƙalami, in tura mata bidiyon galan ɗin da sunanta a jiki. Hoton rasit ba kuɗi ba ne. Sai na ga sun shigo asusuna. An taɓa cinye mana galan biyu a haka.

8/ Wadda ta yi shiru, sau ɗaya nake tuntuɓarta, ranar Laraba: "Hajiya, gobe mota za ta tashi, in sa naki?" In ba ta amsa ba, na ƙyale ta. Naci yana sa a toshe ka.

9/ Watan jiya 19 suka tambaya, 8 suka saya. Inna ta biya mai gyaɗa, har ta ƙaro buhu.