Wasiƙar Neman Wurin SIWES

Daren jiya ƙanwata ta miƙo mini wayarta ta ce, "Yaya, duba mini kafin in aika." Wasiƙa ce zuwa wani ɗakin gwaje-gwaje, tana neman wurin SIWES na wata shida, inda babu albashi sai ɗan alawus na ITF, shi ma sai Allah ya kawo shi.

Sakin layi uku ta ɓata tana roƙo da yabon kamfanin. Abin da manaja yake son sani kuwa ta ɓoye shi: tana kula da mahaifiyarmu da safe, ba ta samuwa sai ƙarfe goma. Tsoronta kada a ƙi ta.

Na tuna nawa lokacin. Na yi shiru a kan irin wannan, aka ɗauke ni, mako na biyu na fara makara, na zama abin nuni.

Muka share yabon. A kan wasiƙar muka sa sunanta, kwas ɗinta da watan farawa. A ciki: ranakun da take iya zuwa, awa nawa, da gwajin jinin da ta riga ta iya. Muka haɗa takardar makaranta a PDF.

Layi bakwai. Ta daɗe tana kallon "ƙarfe goma" ɗin nan kafin ta danna.